Matakan Girmamawa a Japananci da Koriyanci da Ɗumin Magana Tsakanin Masoya: Tambayoyi da Amsoshi

Wanda ke kallon fina-finan Koriya ko na Japan yana bin fassarar da ake rubutawa a ƙasan allo yakan ga abin da ke ɗaure masa kai. Saurayi ya ce wa budurwa “kin ci abinci?”, sai ta yi turus, ta sunkuyar da kai tana murmushi, alhali jiya ma ya yi mata wannan tambayar ba ta ko ɗago ba. Fassarar ba ta sauya ba, amma ƙarshen kalmar da ya furta ya sauya, kuma a can abin yake. Tambayoyin da ke ƙasa a kan wannan suke. An rubuta kalmomin harsunan biyu da baƙaƙen Hausa, kusa da yadda ake furta su, don haka abin da za ka gani a allo an rubuta chan ko yeobo, a nan -can da yobo ne.

Mene ne matakan girmamawa, kuma a ina suke zama a cikin jimla?

A harsunan biyu aikatau ne ke zuwa a ƙarshen jimla, kuma wutsiyar da aka liƙa masa ita ke nuna matsayin wanda kake yi wa magana a wurinka. Ba yadda za a yi ka rufe jimla ba ka zaɓi wutsiya ba. Ko ruwa za ka roƙa, sai ka bayyana ko kana ɗaukar mutumin baƙo ne, ko babba, ko naka.

Ɗauki tambayar cin abinci, wadda a Koriya gaisuwa ce ta kulawa. Ga na jiki ana cewa “bap mogosso?”. A ƙara -yo a ƙarshe, “bap mogossoyo?”, ta zama ta ladabi. Idan babba ne, kalmomin kansu sauyawa suke yi: “shiksa hashossoyo?”. A Japananci ma haka: “gohan tabeta?” ga na jiki, “gohan tabemashita ka?” cikin ladabi, “meshiagarimashita ka?” ga wanda ake ɗaukakawa.

Abubuwa biyu ne a nan da ake yawan haɗawa. Akwai ladabi ga mai sauraro, wanda wutsiya ke ɗauke da shi. Akwai kuma ɗaukaka wanda ake magana a kansa, wanda a Koriyanci ake yi da ɗan gaɓar -shi- a tsakiyar aikatau, a Japananci kuma da aikatau na musamman. Tsakanin masoya na farkon ne ke aiki kullum. Na biyun yakan taso ne idan surukai ko baƙi sun shigo zancen.

Matakan nawa ne, kuma wanne masoya suke amfani da shi?

Littattafan nahawun Koriyanci sukan lissafa shida, wasu bakwai idan sun haɗa da na fada da addu'a. Kada adadin ya tsorata ka. A bakin masoya na yau biyu ne ke aiki: mai -yo, wanda ke cikin abin da ake kira jondenmal, wato maganar girmamawa, da kuma maras -yo, wanda ake kira banmal, ma'ana rabin magana. Akwai na uku mai ƙarewa da -mnida, na labarai da soja da taron ofis. Shi ya sa “ina son ki” take da fuska uku. “Saranghe” ta kusa ce. “Sarangheyo” tana da taushi da ɗan jin nauyi. “Saranghamnida” kuwa ta gaban jama'a ce, irin wadda ango zai faɗa a wurin biki ko ya rubuta a wasiƙa.

A Japan sunan tsarin duka keigo. An daɗe ana kasa shi uku: na ladabi mai desu da masu, na ɗaukaka wani, da na ƙasƙantar da kai. A 2007 majalisar da ke ba gwamnati shawara kan al'adu ta fitar da jagora da ya kasa shi biyar. Masoya dai tsakanin biyu suke kai da komo: desu da masu a gefe guda, da maganar tsara da ake kira tameguci a ɗaya gefen.

A Koriya, yaya ake sauka daga maganar ladabi zuwa ta sakin jiki?

Ana neman izini ne, a fili, da baki. Wannan shi ne abin da ya fi ba baƙo mamaki.

A ce abokai sun haɗa wani saurayi da wata budurwa, irin haɗin da suke kira sogeting. Mu sa musu suna Minsu da Jiyon, shi ya girme ta da shekara biyu. A zaman farko kowa na cewa -yo, kuma kowa na liƙa -shi a bayan sunan ɗan'uwansa: Minsu-shi, Jiyon-shi. Wannan -shi ta suna daban take da waccan ta cikin aikatau. Tana nufin “mu manya ne, ba mu saba ba tukuna”. Da wuri za a tambayi shekarar haihuwa, kuma ba rashin kunya ba ne, domin sai an san wa ya girmi wa za a san yadda za a yi magana. Tun 28 ga Yuni 2023 doka ta mayar da ƙidayar shekaru ta hukuma irin ta sauran duniya, amma a zaman hira har yanzu shekarar da aka haife ka ake dubawa.

Bayan sun ɗan saba, sai a zo ga abin da suke kira sakin magana. A al'ada babba ne ke buɗe ƙofa: Minsu zai ce “uri mal noulkayo?”, wato mu saki magana? Lura cewa tambayar kanta da -yo aka yi ta. Ko kuma ƙaramar ta ba shi dama, ta ce “mal pyonhage haseyo”, yi magana a sake. Waɗannan biyun ba ɗaya ba ne. Na farko gayyata ce su sauka tare. Na biyu izini ne gare shi kaɗai, ita tana iya ci gaba da -yo ɗinta har sai ya ce ita ma ta saki.

Daga nan suna ma sauyawa yake yi. Jiyon-shi ta koma “Jiyon-a”, domin sunan da ya ƙare da baƙi -a yake ɗauka wajen kira, wanda ya ƙare da wasali kuma -ya, kamar “Minsu-ya”. Sai dai ita ba za ta ce “Minsu-ya” ba, tunda ya girme ta. Za ta ce oppa, kalmar da mace ke kiran yayanta namiji da ita. Sai ka ji “oppa, bap mogosso?”: wutsiyar ta daidaita su, amma kiran ya bar masa girmansa na shekaru. Abin da ya sa budurwar cikin fim ta sunkuyar da kai ke nan. Ta ji -yo ta faɗi a karon farko.

Ba kowa ke amsa gayyatar nan take ba. Mace na iya cewa za ta saki a hankali, ta yi makonni tana haɗawa. Wannan ba ƙi ba ne. Amma idan aka daɗe ana fita tare ita ba ta taɓa zamewa ko sau ɗaya ba, saurayin da ke da kunne ya san akwai tazarar da aka bari da gangan.

A Japan ma sai an nemi izini?

Ana yi, amma bai zama tilas kamar na Koriya ba. Wani zai ce “keigo yameyo ka”, mu bar keigo, ko “tameguci de ii yo”, maganar tsara ma ta yi. Sau da yawa kuwa abin silalewa yake yi ba a sanar ba. Ana cikin cin abinci mace ta ce “oishii!”, da daɗi, ba ta ƙara desu ba, kamar da kanta take magana. Shi ya amsa da “un” maimakon “hai”. Kowa na gwada ƙasa yana duba fuskar ɗan'uwansa, idan ba a ga ɓacin rai ba a ƙara taku ɗaya.

Inda Japanawa suka fi sa ido shi ne suna. Matakalar takan tafi haka: sunan dangi da -san, sannan sunan yanka da -san, sannan sunan yanka da -can ko -kun, sannan suna tsirara ba komai a bayansa, wanda ake kira yobisute. Wadda ake ce wa Tanaka-san a ofis, ranar da saurayi ya ce mata Haruka-san an ci zango, ranar da ya ce Haruka kawai an shiga wani gida daban. Yobisute daga wanda ba a ba shi dama ba raini ne ƙarara, daga masoyi kuma alama ce cewa babu shamaki.

Wani abin lura: furucin neman soyayya, da suke kira kokuhaku, yawanci cikin ladabi ake yin sa ko da an riga an saba. Abokan da suka shekara suna tameguci, ranar da ɗaya zai buɗe zuciyarsa sai ka ji “suki desu, tsukiatte kudasai”, ina son ki, don Allah ki yarda mu yi soyayya. Ya hau mataki ne don ta san ba wasa yake ba.

Ke nan maganar sakin jiki ita ce so, ta ladabi kuma sanyi?

A'a, kuma wannan ne kuskuren da ya fi yawa. Matakin shi kaɗai ba ya ɗauke da ɗumi ko sanyi. Banmal ɗin da ake rarrashi da shi, da shi ake zagi. Wutsiyar -yo da ke nisanta baƙo, ita ce wasu ma'aurata ke riƙewa shekara talatin suna tausasa wa juna da ita. Abubuwa biyu ne ke faɗa maka zafin magana.

Na farko, ko an motsa daga inda aka saba. Ma'auratan da suka zauna a kan banmal, idan ɗaya ya hau -yo kwatsam, akwai magana: ko wasa, ko shagwaɓa, ko fushi. Waɗanda suka zauna a kan -yo kuwa, faɗuwarta ce abin ji, ko don kusanci ya kai, ko don rai ya ɓaci har ladabi ya kuɓuce.

Na biyu, ko abin na juna ne. Banmal daga ɓangarorin biyu kusanci ne. Jondenmal daga ɓangarorin biyu mutunta juna ne. Amma idan ɗaya na saki ɗaya na riƙewa, to matsayi ake nunawa, ko da kuwa akwai so a ciki.

A cikin mataki ɗaya ma akwai hawa-hawa, musamman a Japananci. Miji na son gishiri a kan tebur. “Shio tore” umarni ne mai kaushi. “Shio totte” shi ne na yau da kullum. “Shio totte kureru?” yana nuna alfarma ake nema, domin kureru na ɗauke da ma'anar yi mini. Ukun nan duk tameguci ne, amma na farko da na ƙarshe ba su haɗa hanya ba. Idan kuwa ya ce “shio o totte kudasai” ga matar da suka shekara goma tare suna maganar tsara, za ta ɗago ta dube shi ta tambaya me ya faru. A ganina wanda ya iya kureru da ɗan gaɓar “ne” ta Japananci mai tausasa ƙarshen jimla ya fi kusa da iya maganar gida a Japan fiye da wanda ya haddace dukkan jadawalin keigo.

Matasan Koriya har suna da sunan haɗa matakan biyu da gangan, banjonde: a fara jimla da ladabi a ƙare ta a sake, ko a kira mutum da -shi a bi shi da banmal. Ana ɗaukar sa salon jan hankali, domin yana matsowa yana ja da baya a numfashi ɗaya.

Me ke faruwa da matakan idan aka yi faɗa?

Hanya biyu ce, kuma ta biyun ta fi ciwo.

Ta farko sauka ƙasa. A Koriya kira ya koma “ya!”, wato kai ko ke cikin tsawa, a bar oppa ko yobo, kiran da miji da mata ke yi wa juna, a koma “no”, wakilin suna na tsara. Macen da ta saba cewa oppa, ranar da ta ce no ta cire masa rawanin shekarunsa ne. A Japan namiji ya koma omae, wato “ke” kai tsaye ba ladabi, da umarni mai kaushi.

Ta biyu hawa sama. Matar da safe ta ce “gomen ne”, yi haƙuri mana, da dare ta ce “mo kekko desu”, ya isa haka na gode, ko “osuki ni dozo”, bismilla yi yadda kake so. Ba zagi ko ɗaya a ciki, kowace kalma tsaf, amma ta mayar da shi baƙo a ɗakinsa. Akwai jimlar da ta yi suna a Japan har ta zama abin barkwanci: “jikka ni kaerasete itadakimasu”, wato da izininka zan koma gidan iyayena. An gina ta da mafi ƙasƙantar da kai na keigo, kuma sanarwar yaji ce. A Koriya takwarorinta su ne “dwessoyo”, bar shi kawai, da “araso haseyo”, ka yi yadda ka ga dama.

Yaya za a bambance wannan da ladabin wasa? Na wasa yakan zo da jan murya da dariya, kuma jimla ɗaya ko biyu ne a koma. Na fushi gajere ne, murya a daidaice, kuma yana ɗorewa har zuwa saƙon waya na washegari.

Akwai kuma ma'auratan Koriya da ke yin yarjejeniya cewa duk ranar da gardama ta tashi, jondenmal za a yi. Dalilinsu mai sauƙi ne: zagi ba ya zama daidai a kan -yo, kuma kafin ka gama gyara wutsiya zuciya ta ɗan sauka. Dabarar tana aiki ne idan an yi shawara tun kafin faɗan. Idan ɗaya ne ya ɗauko ta shi kaɗai a tsakiyar rikici, ɗayan zai ji ta a matsayin waccan hawa sama mai sanyi.

Da me suke kiran juna?

A Koriya, masu soyayya sukan ce jagi ko jagiya, kalmar da asalinta ke nufin mutum shi kansa, kuma ba ta duba shekaru ko jinsi. Shi ya sa take ceton saurayin da budurwarsa ta girme shi: ya kamata ya ce “nuna”, wato yaya mace, amma da yawa sukan guje ta da zarar soyayya ta fara, don tana tuna musu shi ƙane ne. Bayan aure yobo ce ta ma'aurata. Da an haihu sai a koma kiran juna da sunan ɗa, baban wane da maman wane. Matan da suka saba da oppa tun suna soyayya sukan ci gaba bayan aure, kuma manya kan yi ƙorafi cewa yaro zai taso yana jin uwarsa na kiran ubansa yaya.

Kalmar da za a yi hattara da ita ita ce dangshin. Tsakanin miji da mata “kai” ce ko “ke” mai daraja. Ka faɗa wa baƙo a kan titi bayan motoci sun gogi juna, ka nemi rigima.

A Japan tsofaffin mata kan kira miji anata, wato “kai”, sau da yawa da ɗan jan murya, amma matasa sun fi son suna ko laƙabi. Omae daga miji zuwa mata wasu na jin sa kusanci, mata da yawa kuwa na jin sa raini, don ba za su iya mayar masa da irinsa ba. Kimi, wata “ke” mai taushi, ta fi yawa a waƙa fiye da a ɗaki. Mafi yawan lokaci ma ba a sa wakilin suna ko kaɗan, jimlar Japananci na tsayawa ba shi. Bayan haihuwa su ma sukan koma papa da mama, ko otosan da okasan, wato uba da uwa, har bayan yaran sun bar gida.

Gaskiya ne miji na yi wa mata banmal ita tana yi masa ladabi?

An yi haka sosai a ƙarni na 20, kuma har yanzu ana ji a gidajen tsofaffi a ƙasashen biyu. A Koriya abin ya kai ga masu fassara finafinan waje suna sa wa matar Bature -yo suna ba mijinta banmal, alhali a asalin fim ɗin babu wannan bambanci, kuma ƙungiyoyin mata sun soki hakan. Ma'aurata matasa yanzu sun fi karkata ga daidaito, ko su saki tare ko su riƙe tare.

Masu cewa haka aka gada tun fil azal suna da hujjar da ke ba su wahala. A 1998, ana tashin wasu kaburbura a garin Andong na Koriya ta Kudu, aka samu wasiƙa a kan gawar wani mutum mai suna Yi Ung-te wanda ya rasu a 1586. Matarsa ce ta rubuta da hangul, baƙaƙen Koriyanci, tana da ciki, ta sa masa tare da takalman da ta saƙa da zare da gashin kanta. Ta buɗe da kiran sa uban Won, sannan a cikin wasiƙar ta riƙa ce masa jane. A Koriyancin yau jane kalma ce da babba ke faɗa wa na ƙasa da shi cikin mutunci, irin yadda suruki ke kiran mijin 'yarsa, kuma mace ba za ta faɗa wa mijinta ba. Masana harshe na kafa hujja da wannan cewa a wancan zamani miji da mata na iya magana kusan kafaɗa da kafaɗa. Wasiƙa ɗaya ba ta isa ta bayyana ƙasa duka ba, amma ta isa ta nuna tsarin ya taɓa zama daban.

Idan surukai ko baƙi na wurin fa?

A nan harsunan biyu suka rabu. Japananci na raba duniya gida biyu, uci da soto, na ciki da na waje. A gaban na waje, naka ƙasƙantar da shi kake yi tare da kanka. Mace ba za ta liƙa wa mijinta -san ba idan tana magana da maigidansa na ofis, kuma aikatau na ƙasƙantar da kai za ta ba shi. Wanda bai san tsarin ba zai zaci raini ne, alhali shaida ce cewa ita da shi abu ɗaya ne. Kalmomin ma suna da nauyi: shujin, da ake cewa miji, asalinta ubangida, kanai kuma, da ake cewa mata, na nufin cikin gida. Masu ƙin wannan sukan zaɓi otto da tsuma.

Koriyanci ya fi riƙe girman mutum duk inda aka je, shi ya sa ɗa ke ɗaukaka mahaifinsa ko a gaban baƙo. Amma a gaban iyayen miji, mace ba ta ɗaukaka mijinta, domin a wurinsu yaro ne. Ba za ta sa masa -shi- a aikatau ba, kuma idan akwai ɗa za ta ce abom, uban yaro. Ma'auratan da ke banmal a ɗaki sukan hau -yo a teburin surukai, su sauka da zarar sun shiga mota.

Wannan bai yi kama da alkunyar da muke yi ba?

Ta wani gefen ya yi. Matar da ba ta faɗin sunan mijinta, ta ce maigida ko baban wane, da yaron da ke ce wa babba “ku”, za su gane abin da ake nufi da wuri. Inda aka bambanta shi ne mu a kira da wakilin suna abin ya fi tsayawa, kuma mutum na iya kewaye shi. Su kuwa kowace jimla sai ta ɗauki matsaya. Sannan alkunya ba ta cika sauka don an saba ba, wata ma ƙaruwa take yi da shekaru, alhali a Koriya da Japan ana sa ran matakin ya motsa yayin da zumunci ke motsawa.

A saƙon waya ma ana jin bambancin?

Ana ji, har ya fi, tunda babu murya. A KakaoTalk, manhajar saƙo ta Koriya, “to” na ladabi shi ne 네, wato “ne”, na sakin jiki 응, wato “ung”, na shagwaɓa 웅 ko 넹, wanda aka ƙara wa ɗan sautin hanci. Mai amsawa da ㅇㅇ kaɗai ya rage kalmar zuwa ƙashinta, kuma budurwa na iya jin an yi mata amsar gajiya. A LINE, manhajar saƙo ta Japan, matasa da yawa na jin ɗigon ƙarshen jimla 。 a gajeren saƙo kamar rufe ƙofa, musamman idan ya biyo bayan desu daga wanda ba ya cewa desu.

Mai koyon harshen da ke soyayya da ɗan ƙasar, ina yakan yi tuntuɓe?

Wuri uku. Na farko, ɗauko maganar fim. Jaruman zane mai motsi na Japan na cewa omae suna ba da umarni tsirara, jaruman Koriya na jefa banmal ga wadda suka haɗu da ita jiya, domin an rubuta su ne su zama masu taurin kai. A rayuwa wannan rashin tarbiyya ne. Fara da desu da masu, fara da -yo, ka jira a buɗe maka ko ka tambaya.

Na biyu kishiyarsa ne. Aji yakan fara koyar da matakin ladabi, sai mai koyo ya maƙale a can, an ce masa ya saki ya kasa, domin bai taɓa haddace siffofin sakin jiki ba. A Koriyanci sau da yawa cire -yo ya wadatar, sai 'yan wurare kamar -ieyo da ke komawa -iya, da “ne”, “to” na ladabi, da ke komawa ung, da jo, “ni” na ladabi, da ke komawa na. A Japananci aikin ya fi yawa, don tabemashita ba ta zama tabeta da yanke wutsiya kawai, sai an koyi siffar daban. Wanda ke wannan hali gara ya faɗa wa masoyinsa a fili cewa harshe ne bai kai ba, kada a ɗauka zuciya ce ta ƙi matsowa.

Na uku, mantawa cewa izinin na mutum ɗaya ne. An ba ka banmal da budurwa, ba a ba ka da yayarta ba, balle mahaifiyarta. Bakin da ya saba da “mogosso?” a gida yakan zame a teburin surukai, kuma a can tambayar ita ce “jinji dushossoyo?”, da kalmar abinci ta manya da aikatau na manya. Idan ta kuɓuce maka, maimaita jimlar nan take da wutsiyar da ta dace. Ana yi wa baƙo uzuri matuƙar an ga ya ji kuskurensa da kunnensa ya gyara.